Yadda ake tace doguwar maƙalar falsafar ɗabi'a ta koma jerin muƙaddimai da natija kafin jarrabawa

Jarrabawar falsafar ɗabi'a ta farko da na rubuta a Khartoum, na shiga da shafi goma sha biyu na taƙaitawa a kaina, na haddace su kamar Ishiriniya. Tambayar da ta fito ita ce in kawo hujjar marubuci sannan in nuna inda ta fi rauni. Na zuba duk abin da na haddace, labari da misalai da sunaye, na cika takarda. Da sakamako ya fito, abin da malami ya rubuta a gefe da jan biro bai wuce kalma biyu ba: ina hujjar? Laifin nawa ne. Na taƙaita abin da mutumin ya faɗa, ban fitar da abin da yake son tabbatarwa da abin da ya dogara a kai ba. Daga baya na koyi yin jeri, na kuma zauna da 'yan'uwa Hausawa da yawa, na gida Najeriya da Nijar da 'yan ƙasa daga Mai Wurno da Gadarif, muna yinsa tare a gindin bishiya kusa da mai shayi. Yadda nake yi ke nan zan faɗa maka.

Ilimin da kake buƙata kaɗan ne, kuma in ka taɓa zama zaure ka ɗauki Sullam na Akhdari a manɗiƙi, ka riga ka san shi. Muƙaddima magana ce da ake cewa gaskiya ce ko ƙarya, wadda marubuci ya ɗora nauyi a kanta. Natija ita ce maganar da yake so ka yarda da ita saboda muƙaddiman. Jeri mai kyau shi ne wanda in mutum ya yarda da kowane layi na sama, ba shi da ƙofar da zai bi ya ƙi na ƙasa. Wannan shi malaman manɗiƙi ke kira ingancin sura. Ko muƙaddiman gaskiya ne ko a'a, wannan batun madda ne, aiki ne daban, kuma sai jeri ya tsaya ake shiga shi.

Kayan aiki

Ka nemi maƙalar a buge a takarda, mai fili a gefe. Sai fensir da abin gogewa, domin rabin alamun da za ka yi a karatu na biyu za ka canza su. Sai biro kala biyu, da fallen takarda uku marasa rubutu, da ƙaramin kati guda wanda bai fi tafin hannu ba. Kada ka yi amfani da alƙalamin nan mai shafa rawaya. Na ga muzakkirar ɗalibai da yawa ta zama rawaya tun daga sama har ƙasa, kuma shafin da aka shafe duka daidai yake da wanda ba a taɓa ba.

In babu halin bugawa, a waya kawai take, ka ɗauki littafin rubutu ka ba kowane sakin layi lamba, ka rubuta kalmominsa uku na farko a gaban lambar don ka iya komawa. Duk alamar da zan ce a yi a gefen shafi, a nan za ka yi ta. In kuma tarjamar Larabci aka ba ku, ka yi ƙoƙarin samun asalin ko da don 'yan jimloli ne, zan gaya maka waɗanne a mataki na biyar.

Maƙala mai shafi goma sha biyar tana cin mini wajen awa uku zuwa huɗu, a zama biyu. Wanda ya bari sai daren jarrabawa, ga zafi ga ɗauke wuta, ba zai samu wannan ba.

Misalin da za mu bi shi ne maƙalar Peter Singer a kan yunwa da wadata da ɗabi'a, wadda ta fito a 1972. Ya rubuta ta a Nuwamba 1971, lokacin da mutane kusan miliyan tara suka zama 'yan gudun hijira sanadin yaƙin Gabashin Bengal, inda ya zama Bangaladash. Shafi goma sha biyar ce. Na zaɓe ta domin ana yawan ba ɗalibai ita, kuma duk tarkon da ke kama mai farawa yana cikinta.

1. Karanta ta sau ɗaya ba tare da fensir ba

Daga farko har ƙarshe, a zama guda, kada ka tsaya duba ƙamus sai in kalmar ta maimaitu sau uku. Da ka gama, kife takardar ka amsa tambaya guda da baki: me mutumin nan yake so in yarda da shi, ko in yi? In amsarka ita ce "yana magana a kan yunwa", ba ka amsa ba, batu ka faɗa. Amsa tana da fi'ili kuma ana iya yi mata musu.

2. Ba kowane sakin layi lamba da aikinsa

Yanzu ɗauki fensir. A gefen kowane sakin layi ka sa lamba, ka sa harafi guda da ke nuna aikin da yake yi. Ni biyar nake amfani da su: M ga muƙaddima, N ga natija, S ga misali ko labari, I ga i'itiradi wato sukar da marubuci ya kawo daga bakin wasu, J ga jawabin da ya ba ta. Wanda bai shiga ko ɗaya ba ka ja masa ɗan layi ka wuce.

Kalmomin haɗi suna taimakawa. Abin da ya biyo bayan "domin" ko "tun da", a Larabci "li'anna", yawanci muƙaddima ne. Abin da ya biyo bayan "saboda haka", wato "izan" ko "wa bittali", yawanci natija ce. Amma kada ka miƙa musu wuya, marubuta da yawa suna ajiye babbar muƙaddimarsu ba tare da wata alama ba.

Kuskuren da ya fi cin maki a nan yake: ɗaukar I a matsayin M. Littattafanmu na Larabci sun sauƙaƙa mana, suna cewa "fa in ƙila" sannan su ce "ƙulna", ka san wannan maganar abokin hamayya ce, wannan ta mai littafi. Turawa ba kullum suke yin haka ba. Singer yana iya cinye rabin shafi yana bayanin ra'ayin da zai rushe. A maƙalar akwai inda ya kawo cewa da kowa zai ba da fam biyar da kuɗin sun isa, don haka babu wanda ya wajaba ya ba da fiye da fam biyar. Wani ƙanenmu ya taɓa rubutawa a jarrabawar gwaji cewa Singer ya ce kowa ya ba da fam biyar. Alhali abin da Singer ya ce shi ne wannan lissafi ya rataya ne a kan "da kowa zai bayar", kuma tun da an san ba kowa zai bayar ba, fam biyar ɗinka ba za su isa ba. In ka ci karo da sakin layin da ya saɓa wa abin da ka fahimta a karatun farko, ka zarge shi da zama I, ka karanta na bayansa kafin ka yanke.

3. Rubuta natija tukuna, a ƙasan takarda

Mutane sukan fara da muƙaddima ta ɗaya su gangaro, kamar yadda maƙala ta zo. Ni daga ƙasa nake hawa. Sai ka san inda aka dosa kake gane wace magana ce guzuri, wace ce hira a hanya.

Matsalar ita ce za ka samu N fiye da ɗaya. A maƙalar Singer aƙalla uku za su tsaya maka. Akwai cewa masu wadata ya wajaba su ba da dukiya mai yawa don hana mutane mutuwa da yunwa. Akwai cewa iyakar da mutane suka saba ja tsakanin wajibi da kyautatawa ba a wurin da ya dace take ba. Akwai kuma cewa masana falsafa su aikata abin da hujja ta kai su, ba su tsaya ga magana ba. Yadda ake tantancewa shi ne ka ɗauki biyu ka sa "saboda haka" a tsakaninsu, ka juya su ka sake gwadawa. "Bayarwa wajibi ce, saboda haka ba kyautatawa ce kawai ba" ya zauna. "Ba kyautatawa ce kawai ba, saboda haka wajibi ce" bai tabbatar da komai ba, maimaici ne. Ke nan ta farko tana ɗauke da ta biyu: ta farko natija ce ta tsakiya, ta biyu tana ƙarƙashinta. Ta uku nasiha ce ta rufewa, ka bar ta a waje.

Ka rubuta natijar da kalmominka, jimla guda, ba tare da "watakila" ko "a ganina" ba, amma kada ka ƙara mata gishiri. Singer bai ce dukiya haramun ce ba. Duk kalmar da ka ƙara, sai ka nemo mata muƙaddima, kuma ba za ka samu ba.

4. Tambayi natijar me take buƙata

A nan aikin yake, don haka zan daɗe.

Natijarmu: ya wajaba a kan masu wadata su ba da abin da suke kashewa a kan abubuwan da ba larura ba don agajin masu yunwa. Dubi manyan kalmominta: wajibi, masu wadata, bayarwa, yunwa. Ƙa'idar ita ce kowace babbar kalma da ke cikin natija sai ta bayyana a wata muƙaddima. Abin da bai shiga tukunya ba ba ya fitowa a kwano.

Fara da "wajibi". Tun a 1740 David Hume ya lura cewa marubuta sukan yi ta cewa abu kaza haka yake, haka yake, sai kwatsam su koma cewa ya kamata a yi kaza, ba tare da sun nuna ta ina suka tsallaka ba. Amfanin wannan gare ka shi ne: a kowace hujjar ɗabi'a, in natija tana da "ya wajaba" ko "ya kamata" ko "kuskure ne", lalle akwai muƙaddima aƙalla guda mai irin wannan kalma. Nemo ta. A wajen Singer a fili take: in muna da ikon hana mummunan abu faruwa ba tare da mun sadaukar da wani abu mai nauyin ɗabi'a kwatankwacinsa ba, ya wajaba mu hana. Wannan ita ce kubura, wato babbar muƙaddima, ginshiƙin ɗakin.

Kubura sharaɗi ce, tana da sassa uku da sai sun cika: abin mummuna ne, muna da ikon hanawa, kuma hanawar ba za ta ci mana abu mai kwatankwacin nauyi ba. Kowane sashe yana buƙatar layinsa. Na farko Singer ya faɗe shi tun da wuri, cewa wahala da mutuwa saboda rashin abinci da matsuguni da magani mummunan abu ne, kuma ya ce ba zai tsaya kare shi ba, wanda bai yarda ba yana iya ajiye karatun. Sauran biyun ba su zo a wurin ba. Sai can gaba, inda yake maganar sayen sababbin tufafi don ado ba don sanyi ba, ya ce da mutum zai ci gaba da sa tsofaffin ya ba da kuɗin, bai rasa wani abu mai muhimmanci ba kuma ya hana wani mutuwa da yunwa. Wanda ke bin maƙala shafi bayan shafi zai sa wa wannan S ya wuce. Wanda ya zo da tambaya daga natija zai gane cewa muƙaddima biyu ne a ɓoye cikin misali.

Ga jerin yadda yake fitowa:

M1. Wahala da mutuwa saboda rashin abinci, matsuguni da magani mummunan abu ne.
M2. In muna da ikon hana mummunan abu ba tare da sadaukar da abu mai kwatankwacin nauyinsa a ɗabi'a ba, ya wajaba mu hana.
M3. Masu wadata suna iya hana irin wannan wahala da mutuwa ta hanyar ba da kuɗi ga agaji.
M4. Ba da kuɗin da ake kashewa a kan abin da ba larura ba, ba sadaukar da abu mai kwatankwacin nauyi ba ne.
N1. Saboda haka ya wajaba masu wadata su ba da wannan kuɗi ga agaji (daga M1 zuwa M4).
M5. Abin da ya wajaba, barinsa laifi ne, ba ya cikin alherin da ake yabon mai yi ba a zargin mai bari.
N2. Saboda haka irin wannan bayarwa ba kyautatawa ce kawai ba, kuma iyakar da aka saba ja tsakanin wajibi da kyautatawa ba daidai take ba (daga N1 da M5).

Layi bakwai daga shafi goma sha biyar. A gaban kowane layi ka rubuta lambar sakin layin da ka samo shi. M5 kuwa ni na tsara ta a matsayin layi mai zaman kansa don haɗin ya cika, saboda haka nake sa mata tauraro da ɗaya biron. Duk muƙaddimar da kai ka cike, ka yi mata alama, kuma ka zaɓi mafi sauƙin wadda za ta wadatar, wadda marubucin da kansa zai amince da ita. Kada ka liƙa masa wauta don ka ji daɗin rushe ta, mai gyaran takarda ya san wannan dabara.

Za ka tambaya, ina yaron da ke nutsewa? Shi ne abin da kowa ke tunawa: kana wucewa ta gefen kududdufi marar zurfi, ka ga yaro yana nutsewa, dole ka shiga ka ciro shi ko da tufafinka za su ɓaci da taɓo. Ba ya cikin jerin domin natija ba daga gare shi take fitowa kai tsaye ba. Aikinsa shi ne ya sa ka yarda da M2. Ka rubuta shi a gefen M2 da ƙaramin rubutu, a matsayin mai goyon baya. Alƙaluman farkon maƙala kuma, irin su fam 14,750,000 da Birtaniya ta bayar idan aka kwatanta da abin da ta zuba a jirgin Concorde, suna nuna cewa akwai wadata kuma ba a bayar ba. Ɗaya ya ishe ka, sauran ka bar su.

5. Daidaita kalmomi, sannan ka gwada jerin

Ka sake rubuta jerin a falle na biyu, kana kula da abu guda: kalma ɗaya ga ma'ana ɗaya tun daga sama har ƙasa. A insha'i an koya mana canza kalma don kada a gundura. A nan wannan ɓarna ce. In M2 ta ce "kwatankwacin nauyi", M4 ma ta ce "kwatankwacin nauyi", ba "muhimmanci" ba.

A maƙalar nan wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin Singer ya ba da M2 iri biyu. Mai tsauri ita ce wadda na rubuta. Mai sassauci tana cewa in muna iya hana abu mai tsananin muni ba tare da sadaukar da wani abu mai muhimmanci a ɗabi'a ba, ya wajaba mu hana. Bambancin 'yan kalmomi ne, amma natijar ta bambanta ƙwarai. Mai tsauri, a fahimtarsa, tana kai mutum ya yi ta bayarwa har ya kai inda ƙarin bayarwa zai jawo masa da iyalinsa wahala daidai da wadda zai sauƙaƙa wa wani. Mai sassauci tana tsayawa tun kafin nan, ko da yake ita ma tana neman babban sauyi a yadda masu hali ke kashe kuɗi. Shi ya ce bai ga dalilin fifita mai sassauci ba. Ka rubuta su M2a da M2b. Waɗannan jimloli, da jimlar natija, su ne na ce ka duba a asali in tarjama kake karantawa, domin mai fassara yana iya ba su kalma guda ba tare da ya lura ba.

Wani lokaci marubucin ne da kansa ya yi amfani da kalma guda a ma'ana biyu, kuma jeri ne ke tona shi. Sanannen misali yana babi na huɗu na littafin John Stuart Mill a kan mazhabar amfani, inda ya ce shaidar cewa abu abin so ne ita ce mutane suna son sa, kamar yadda shaidar cewa abu abin gani ne ita ce ana ganinsa. G. E. Moore ya soke shi a 1903 cewa "abin gani" na nufin wanda ake iya gani, amma "abin so" a ɗabi'a na nufin wanda ya cancanci a so. Kalmar "margubi" ta Larabci ma tana ɗaukar duka biyun. In ka samu irin wannan kada ka gyara masa a ɓoye. Ka rubuta ma'anonin biyu a layi biyu, ga ka da sukar da za ka kai jarrabawa.

Gwajin kansa haka yake. Ka ba wani abokin ɗaki da bai karanta maƙalar ba jerin, ka ce masa ya ɗauka duk M gaskiya ne, ya nemi hanyar ƙin N. In ya samu, akwai layin da ya ɓace. In babu kowa kusa, kai ka yi, da murya. Sannan ka bi ta ɗaya gefen: rufe kowace M da yatsa, ɗaya bayan ɗaya. In ka rufe layi natija ba ta girgiza ba, layin ba muƙaddima ba ne, cire shi. Jerin da ya haura layi goma yawanci hujja biyu ce aka cakuɗa, ko misalai sun kutsa.

Ka kula da juya sharaɗi. Siffar hujjar ita ce: in A to B, A ta tabbata, saboda haka B. Wannan bai ba ka "in babu A to babu B" ba. M2 ta faɗi abin da ya wajaba idan sadaukarwar ƙarama ce. Ba ta ce komai a kan lokacin da sadaukarwar take da girma ba, don haka kada ka rubuta cewa Singer ya sauke wajibi a can.

6. Rataya kowace suka a kan lambarta

Falle na uku na I da J ne. Kowace suka ka tambaye ta wane layi take hari, ka rubuta ta cikin jimla guda, jawabinta cikin jimla guda.

Nisa: yaron yana gabana, mai yunwa yana wata nahiya. Wannan M2 yake hari, yana so a ƙara mata sharaɗin kusanci. Jawabin Singer shi ne kusanci yana iya sa ka fi saurin taimakawa, amma bai nuna cewa na kusa ya fi cancanta ba. Yawa: miliyoyi ne ke iya taimakawa, ba ni kaɗai ba. Ita ma M2. Jawabinsa, in akwai wasu a bakin kududdufin suna kallo ba su shiga ba, wannan bai sauke maka ba. Cewa abin ya yi tsauri fiye da yadda mutane za su iya, wanda ya danganta da irin tunanin masana falsafa Sidgwick da Urmson, yana fitowa ne daga ƙin N ya koma ya zargi M2. Cewa agaji jinkirta yunwa kawai yake yi muddin jama'a na ƙaruwa, wannan M3 yake hari, kuma magana ce ta abin da ke faruwa a zahiri, ba ta ɗabi'a ba. Singer ya ce wanda ya yarda da haka sai ya ba da kuɗinsa ta hanyar da yake ganin ta fi hana yunwa, ba ya riƙe su ba. Haka cewa aikin gwamnati ne: sai mai faɗa ya nuna cewa ƙin bayarwarsa zai sa gwamnati ta ƙara.

Da ka jera su za ka ga abin da karatu goma bai nuna maka ba: babu mai taɓa M1, yawancin faɗan a kan M2 yake, sauran a kan M3. Ka san inda tambaya za ta fito.

Wani abu da ke faruwa da mu musamman. Ba a taɓa karanta maƙalar nan a zamanmu ba sai wani ya ce, ai wannan bambancin zakka da sadaka ne, wani ya ce batun yawa ai farilla ce ta kifaya, in ba wanda ya yi kowa ya yi laifi. Kwatancen yana da kyau, kuma tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilu 2023 ba wanda ke da dangi a Sudan da zai karanta M1 a matsayin labarin nesa. Amma waɗannan ba sa shiga jeri. Wajibin Singer ba hukuncin fiƙihu ba ne, ba shi da nisabi ba shi da haul, kuma malamin addini da ya jawo shi ne Thomas Aquinas. Ra'ayinka da kwatancenka suna da wuri a sashen tattaunawa, da sunanka a kai. Ka ware musu ƙasan falle na uku, da ɗaya biron.

7. In maƙalar ta ƙi miƙewa

Ba kowane rubutu ke da kashin baya guda kamar wannan ba. In muhawara ce irin ta Aflatun, ka yi ƙaramin jeri ga kowane zagaye, ka rubuta sunan mai magana a sama, domin sau da yawa wani ne ke ba da ma'ana Sukrat yana rushewa, kuma ana iya tashi ba natija tabbatacciya. In babi ne na Aristo mai yawan rarrabewa da ta'arifi, ta'arifin da aka dogara da shi daga baya ka ɗauke shi a matsayin M, wanda ba a koma kansa ba ka bar shi. In hujjoji uku ne masu zaman kansu suke kaiwa ga natija guda, jeri uku za ka yi. Gwajin yatsa zai nuna maka: ka rufe ɗaya, natija tana nan tsaye a kan sauran.

8. Kati, da yadda ake shiga da shi a ka

Sai yanzu za ka kwafe layukan bakwai a kati, a bayansa kuma suka uku mafi ƙarfi da lambobinsu. Katin na bita ne, a ɗaki ake barinsa ranar jarrabawa. Kada ka haddace shi kamar baiti. Ka kife shi, ka rubuta natija a farar takarda, ka sake gina muƙaddiman daga tambayar me take buƙata, sannan ka buɗe ka gwada. Ka yi haka washegari, ka sake bayan kwana uku. A mota ma ana yi, na sha gina jeri a kaina a hanyar Khartoum zuwa Sinnar. Layin da ke ɓace maka kullum, yawanci M4 ce, ka koma sakin layinsa ka sake karantawa.

A zauren jarrabawa, minti uku na farko ka zayyana jerin a takardar gwaji. In an ce ka bayyana hujjar, ka fara da natija a jimlar farko, ka kawo muƙaddiman da lambobinsu, ka ba kowace jimla biyu ko uku na bayani, ka saka kududdufin a ƙarƙashin M2. Wasu malamai ba sa son lambobi a amsa, sai ka tambaya tun a aji. In haka ne ka mayar da su "na farko", "na biyu" cikin zube, tsarin bai canza ba. In an ce ka tattauna ko ka soka, ka faɗi a sarari cewa surar hujjar ta inganta, don haka wanda zai ƙi natija dole ya ƙi wani layi, sannan ka zaɓi layi guda ka zauna a kansa. In M2a ka zaɓa, kawo sukar, kawo jawabin Singer, ka ce ko ya gamsar da kai da dalili, sannan ka duba ko sukar taka ta taɓa M2b ita ma, domin in ba ta taɓa ba N1 tana nan, adadin da ake nema ne kawai ya ragu.